Saƙon da na tura wa mai PS4 kafin na biya ko sisi

Abin da ya sa nake rubuta wannan, PS4 ɗina na farko asara na yi a kansa, kuma ba wai yaudarar ce ta yi zurfi ba, ni ne ban san abin da ake dubawa ba. Da daddare na je, mai kayan ya jona a tibi, fitila ta yi shuɗi ta koma fari, menu ya fito, na ga FIFA a ciki, muka buga rabin wasa ɗaya na ce Alhamdulillahi na yi taransifa. Duka-duka ba mu yi minti 10 ba. Ƙaton nan ne na farko, wanda ya fito tun 2013. Da na kai gida na zauna da shi sosai, wajen minti 25 sai fanka ta fara ƙara kamar injin markaɗe, can sai rubutu ya fito a tibi, "The PS4 is too hot", fitila ta yi ja ya mutu. Na kira mutumin ya ce ai lafiya lau ya ba ni, kuma gaskiya a gabana ya kunna, ba ni da bakin magana.

Washegari na kai shi wajen wani mai gyara da abokina ya haɗa ni da shi, dattijo-dattijo haka, kowa Oga yake ce masa. Kafin ma ya ɗauko sukundireba ya juya bayan injin ya nuna min, ya ce kalli nan, sitikun da ke rufe notinan baya duk an ɓanɓare, an taɓa buɗe shi. Da ya buɗe wallahi sai da na kau da kai, ƙura ta yi kamar bargo a bakin ƙarfen da iskar fanka ke bi, ga matattun kyankyasai a cikin akwatin wuta. Amma ba wannan ne ya dame shi ba. Ya ɗaga allon ya haska min da tocilan, kewayen babban cif ɗin ya yi launin ruwan ƙasa da wani maiƙo da ya bushe, ya ce an taɓa gasa shi da bulowa mai zafi, wato injin ya taɓa mutuwa aka farfaɗo da shi don a sayar, kuma irin wannan farfaɗowar ba ta daɗewa. Ya wanke ya sa sabon man sanyaya cif, na biya dubu 8, ya yi min sati 3 yana aiki. Ranar da injin zai mutu, fitila ta yi ta ƙyafta shuɗi ba ta koma fari ba, sai ta ɗauke. Shikenan. A matsayin kayan gyara na sayar da shi, kuɗin da na samu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na biya ba, kuma kuɗin nan wata da watanni na yi ina tara su.

Na yi kusan wata 4 kafin na sake haɗa kuɗi. A wannan tsakanin nakan biya ta shagon Oga in zauna in ga yadda ake kawo masa injina, kuma a nan na gane wani abu guda wanda shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa: matsalolin PS4 kashi biyu ne, akwai masu arha akwai masu kashe inji. Ƙura, fad ɗin buga gem da ya lalace, wayar HDMI, har da had-dis ɗin ciki, duk waɗannan kuɗi kaɗan ne ke gyara su, had-dis ɗin ma irin na laftof ne mai inci 2.5, noti ɗaya ake kwancewa a zaro shi. Amma allon da aka gasa, ko cif ɗin da ke fitar da hoto, ko ɓangaren wutar wajen faifai, ko injin da Sony ta toshe daga shiga PSN, wato hanyarta ta buga gem onlayin, waɗannan in ka saya ka sayi rigima. Kuma mafi yawansu ba sa nuna kansu a minti 10, sai injin ya ɗau zafi tukuna. To matsalar ita ce in ka je gaban mai kaya ka fara cewa bari in gwada wannan bari in gwada wancan, zai ga kamar kana ɓata masa lokaci ko kana neman hanyar karya farashi, kunya ta kama ka, ka biya ka tafi. Shi ya sa na yanke shawarar in rubuta komai tun kafin mu haɗu, in ya yarda mu haɗu, in bai yarda ba kowa ya riƙe abinsa ba a ɓata ba.

Ga saƙon yadda na tura shi a WhatsApp, ban canja komai ba sai sunan mutumin da na cire:

"Assalamu alaikum Malam, barka da yamma, ya aiki ya iyali. Na ga PS4 Slim ɗin da ka saka kuma ina so, kuɗina a shirye suke, amma don Allah ka yi haƙuri da ni, na taɓa saye na yi asara shi ya sa nake so a duba wasu abubuwa kafin in biya. Ba zargin ka nake ba wallahi. Da farko ina roƙon ka turo min hoton sitikar da lambar samfurin take, wadda ta fara da CUH, da hoton bayan injin inda ake jona wayoyi, a kusa sosai yadda zan ga cikin ramin HDMI da wuraren notina. Sannan bidiyo ɗaya wanda ba a yanke ba, daga lokacin da ka danna maɓallin kunnawa har menu ya fito, ya zama ana ganin fitilar injin da tibi tare, daga nan ka shiga Settings > System > System Information ka tsaya in karanta, ka shiga Settings > Storage shi ma, sai kuma Settings > System > Error History ka gangara a hankali. Don Allah kar ka yi Initialize kafin in zo, ka bar shi yadda yake.

"In mun haɗu kuma ina so a ba ni kamar awa 1 da rabi. Zan zo da faifan gem nawa da wayar HDMI da wayar cajin fad. A sa faifan in ga yadda yake ja da yadda yake fitarwa, a bar shi ya kwafe, a buga gem mai nauyi na aƙalla minti 40 ba a kashe ba in ji ƙarar fanka. A gwada ramukan USB biyun nan na gaba ɗaya bayan ɗaya, a gwada kowane maɓalli na fad, a shiga Safe Mode a yi Rebuild Database, sannan in jona shi da datar wayata in shiga akawun ɗina na PSN. In ka san akwai wata matsala ko an taɓa buɗe shi ka faɗa min tun yanzu, ba zai hana ni saye ba, sai dai mu daidaita a farashi. Kuɗin man janareta da na mai gyaran da zai duba ni zan biya. Na gode, Allah ya ba da kasuwa."

Mutum uku na tura wa. Na farko ya karanta bai amsa ba har yau. Na biyu ya turo min murya yana cewa ɗan'uwa gem kake saye ko mota, in kana so ka zo ka ɗauka in ba ka so akwai masu so, na ce masa Allah ya kawo mai rabo. Raina ya ɗan sosu da maganar amma da na tuna injin farko sai na ji sanyi. Na ukun, wani matashi ne da zai girme ni kaɗan, ya ce ba komai ɗan'uwa ka ba ni zuwa gobe da daddare in an kawo wuta. Dubu 220 ya sa wa nasa, da fad biyu.

Sai bayan kwana 2 hotunan suka zo don unguwarsu ba wuta, kuma a wannan jiran na yi ta tunanin ko wani zai riga ni, har na kusa ce masa a bar bidiyon kawai in zo. Da suka zo abin da na fara dubawa lambar ce, CUH-2216A. Ga wanda bai sani ba, lambar nan tana gaya maka abubuwa da yawa. Waɗanda suka fara da 10 ko 11 ko 12 ƙaton farko ne, masu 20 da 21 da 22 su ne Slim wanda ya fara fitowa a 2016, masu 70 da 71 da 72 kuma Pro ne. 16 ɗin ƙarshe na nufin na ƙasashen Turai ne, na Amurka 15 za ka gani, na Japan 00. Harafin A a Slim 500GB ne, B kuma 1TB. Da na kalli bidiyon Storage sai na ga jimillar wajen 408GB, kar wannan ya tsorata kowa, haka mai 500GB yake nunawa saboda injin yana riƙe wani kaso don kansa. Abin da nake nema shi ne lambar jiki da abin da ke ciki su yi daidai, kuma sun yi. Hoton ramin HDMI ya fito sarai, ƙananan haƙoran ciki a jere suke ba wanda ya lanƙwashe, bakin ramin bai buɗe ba. Fitila ta yi shuɗi na ɗan lokaci ta koma fari, hoto ya fito ba tare da ɓata lokaci ba.

System Information kuma dalilin neman sa daban ne. A nan garin da yawa ana sayar da injina masu tsohuwar manhaja, irin 9.00, waɗanda aka cika da gem, kuma masu son su suna biyan su da tsada. Amma irin wannan injin ba ya shiga PSN sai an yi masa ofdet, in kuma aka yi ofdet ba a komawa baya, gem ɗin da aka loda duk su daina buɗewa. Ni onlayin nake so in buga, don haka wanda manhajarsa take sabuwa nake nema, kuma nasa haka yake. Ya kamata mutum ya san wanne yake so tun kafin ya tura saƙo, don gwajin ƙarshe na shiga akawun ba zai yiwu a kan wancan ba, kuma kar ka kuskura ka danna ofdet a injin mutum ba da izininsa ba.

Error History ɗin ne ya ɗan tayar min da hankali. Na ga CE-34878-0 sau da yawa, da CE-30005-8 sau 2. Na kai wa Oga wayar ya kalla, ya ce na farkon gem ne ya rufe kansa, kusan kowane inji yana da shi, in a gem ɗaya yake ta faruwa ba abin damuwa ba ne sosai, sai in kowane gem yana yi ne za a fara zargin had-dis ko zafi. Na biyun kuma yana nufin injin ya kasa karanta wani abu daga faifai ko daga had-dis, zai iya zama faifai ne mai ƙarzuwa kawai, zai kuma iya zama farkon ciwo, sai mun gwada. Da an yi Initialize duk wannan tarihin ya goge da ban ga komai ba, shi ya sa na roƙe shi ya bari.

Muka sa ranar Asabar ƙarfe 11 a shagon Oga. Na hau adaidaita da jakata, faifan God of War da na aro wajen abokina a ciki, mai tsabta ba ƙarzuwa, da wayoyina biyu. Mutumin bai iso ba sai 12 saura, ya ba da haƙuri, ga injin a cikin jakar goyo an naɗe shi da tawul. Muna jonawa aka ɗauke wuta. Na ba yaron shago dubu 3 ya je ya sayo mai, aka tada janareta, Oga ya ce a bar shi ya daidaita tukuna kuma ta sitabilaiza za a jona, don kar wutar gwaji ta kashe kayan mutane a rasa wanda zai biya. Kafin a kunna ya ɗauki injin ya jujjuya, ya duba sitikun baya suna nan ba a taɓa ba, ya haska ramukan iska da tocila, ya kai hancinsa ya shinshina. Ya ce ƙura akwai amma ba warin kyankyaso ba warin ƙuna.

Sai faifai. A nan zan ɗan daɗe don shi ne abin da mutane suka fi rainawa, ni ma da cewa nake ai daga intanet zan riƙa sauke gem me ruwana da faifai. Oga ne ya fahimtar da ni cewa PS4 yana duba ɓangaren faifan nan lokacin da yake ofdet, in wutar ɓangaren ta mutu ko wayarsa ta ciki ta tsinke, ofdet ɗin yana iya tsayawa ya nuna SU-42118-6, wani ma ya maƙale yana ta kashe kansa yana kunnawa. Kuma cif ɗin da ke kula da faifan an aurar da shi ne da allon injin tun daga kamfani, ba a ciro na wani inji a sa kawai ya yi aiki. Wato mutum zai iya sayar maka da inji yana buga gem lafiya lau ya ce faifai ne kawai ba ya karantawa, ka ga kamar ƙaramin abu ne, sai ranar da ofdet ya zo ka gane. Wani abin kuma, kar a sa maka faifan fim na DVD a ce ga shi yana karantawa, idon da ke karanta DVD daban yake da mai karanta faifan gem, ɗaya zai iya mutuwa ɗaya na aiki.

Na miƙa faifan bakin ramin, maimakon ya karɓe shi da kansa sai ya ja rabi ya tsaya yana wani gurnani, sai da na ɗan tura da yatsa sannan ya shige. Gabana ya faɗi. Na kalli mai kayan, ya ce wallahi ɗan'uwa na fi shekara ban sa faifai ba, ban san yana haka ba, kuma na yarda da shi don fuskarsa ta nuna. Muka yi shiru muna jira, sai muka ji ya fara juyawa, hoton gem ɗin ya fito a menu, layin kwafewa ya fara tafiya. Oga ya ce a fitar a sake, muka yi sau 4, kowane lokaci sai an taimaka masa wajen shiga amma fitarwa lafiya, karantawa lafiya, ba ƙas-ƙas ɗin nan da ido ke yi in ya gaji. Ya ce robobin da ke jan faifan ne suka sha ƙura suka yi santsi, wanki kawai suke so, wuta da ido lafiyarsu ƙalau tunda ga shi yana karantawa. Wato ciwon mai arha ne. Muka bar shi ya kwafe, wannan kwafewar gwaji biyu ce a lokaci ɗaya, faifai na karantawa had-dis na rubutawa, in ɗayansu na da rauni a nan CE-30005-8 zai sake fitowa. Bai fito ba.

Daga nan na zauna na fara bugawa, na duba agogo ƙarfe 1 saura minti 10. Na zaɓi God of War ne da gangan saboda yana wahalar da inji fiye da ƙwallo, FIFA ba ya sa fanka gudu kamar shi. Minti 10 na farko shiru. Wajen minti 20 fanka ta ɗaga murya, na sa hannu a bayan injin iska mai zafi na fita da ƙarfi, kuma wannan alama ce mai kyau, abin tsoro shi ne fanka na ihu amma iskar da ke fita kaɗan ce, wannan yana nufin hanya ta toshe. Ƙarar kuma ta iska ce zalla, ba karkarwa ba gogar ƙarfe. Ana cikin haka Oga ya miƙa hannu ya ɗan motsa wayar HDMI daga baya, sama da ƙasa a hankali, idonmu a kan tibi, hoto bai ƙyafta ba, ba ɗigo-ɗigon fari, sauti bai yanke ba. Muka canja zuwa wayar HDMI ɗina aka sake, haka. Aka kira sallar azahar muka bar gem ɗin a kunne yaron shago na gadi, muka je muka dawo yana nan yana aiki, ya haura minti 50 ke nan ba rubutun zafi ba jar fitila. A lokacin ne na ji numfashina ya sauka.

Fad ɗin ne suka zo da labari. Na farko na asali ne, mai layin haske a saman wajen shafawa, nauyinsa ma ya isa shaida. Na jona shi da waya a ramin USB na hagu ya kama caji, na dama ma haka, na ɗan girgiza wayar bai yanke ba. Kar a raina ramukan nan, don in ka shiga Safe Mode fad ba ya aiki sai ta waya, injin da ramukansa suka mutu ranar da ya rikice ba ka da hanyar ceto shi. Na cire wayar na koma ƙarshen shagon na ga yana amsawa daga nesa. Na biyun kuwa ina ɗauka na ji shi sakayau, na shiga gem na ajiye shi a kan tebur ban taɓa komai ba sai ga kyamara tana juyawa hagu da kanta a hankali, analog ɗin dama ya saki. R2 ma sai an danna shi har ƙasa. Oga ya juya bayansa ya karanta sitikar ya ce wannan ba na kamfani ba ne. Mai kayan ya ce eh a kasuwa ya saye shi daga baya, ya manta bai faɗa ba.

Aka kashe injin gaba ɗaya, ba yanayin barcin nan mai fitila ruwan lemo ba, sannan na danne maɓallin kunnawa na riƙe, ƙara ta farko, sai ta biyu bayan kamar daƙiƙa 7, na saki, Safe Mode ya fito. Na zaɓi na 5, Rebuild Database. Wannan ba ya goge gem ko abin da aka adana, bin had-dis ɗin yake yana sake jera abin da ke ciki, in had-dis ya fara lalacewa yakan maƙale ko ya yi ta ja ba ƙarshe. Namu cikin 'yan mintuna ya gama ya tashi lafiya. Na ƙarshe na kunna hotsfot a wayata, Settings > Network > Test Internet Connection ya wuce duka, na ƙirƙiri sabon mai amfani na sa akawun ɗina, ya shiga PSN ba gardama. Da an toshe injin a nan zai ƙi, kuma wannan ba mai gyaran da zai iya yi maka komai a kai.

Sai ciniki, kuma a nan na ga amfanin saƙon fiye da ko'ina, domin ba wanda ya ɗaga murya. Na ce Malam ka ga abin da muka gani tare, wajen faifai na son wanki, injin na son a buɗe a share ƙura a sa sabon mai, fad ɗaya ba zai yi min aiki ba. Oga ya ce aikin duka dubu 10 zai yi shi. Mai kayan ya yi ɗan lissafi ya ce to a bar shi dubu 200, na ce 190, muka tsaya a 195 ya riƙe fad ɗinsa na biyu. Kafin in tura kuɗin na ce ya shiga akawun ɗinsa ya je Settings > Account Management > Activate as Your Primary PS4 ya danna Deactivate, sannan a yi Initialize a gabanmu, Quick muka zaɓa don Full awanni yake ci ga man janareta na ƙarewa. Na sani gem ɗin da ya saya a akawun ɗinsa za su tafi da shi, dama ban sa su a lissafin kuɗi ba, duk wanda aka ce masa inji na da gem 15 a ciki ya tambaya a akawun ɗin wa suke, don in mai shi ya janye sai ka ga ɗan kwaɗo a jikin kowane gem. Muka rubuta a takarda lambar siriyal ɗin injin da farashi da kwanan wata, da sharaɗin kwana 3 in ya mutu da kansa a dawo da shi, ya sa hannu na sa, Oga ya zama shaida. Alat ya shiga wayarsa ƙarfe 3 da 'yan mintuna. Na ba Oga dubu 2 na dubawa.

Da zan sake rubuta saƙon yau akwai abu uku da zan ƙara. Zan ce a cikin bidiyon farko a sa faifai a fitar, da tun a gida na san da maganar robobin, kuma zan nemi hoton bayan kowane fad da bidiyon an ajiye shi a tebur cikin gem ba a taɓa ba. Sannan zan faɗi wurin haɗuwa tun a saƙon farko, don mun ɓata kusan yini guda muna ja-in-ja a kan ko gidansa ko shago, shi yana tsoron fita da kayansa wurin da bai sani ba ni ina tsoron zuwa da kuɗi gidan da ban sani ba, kuma dukkanmu muna da gaskiya. Abin da ba zan rage ba ko da mai kaya zai yi fushi shi ne minti 40 ɗin nan da faifan.

A shagon na bar injin ya kwana. Ranar Litinin da yamma na koma, Oga ya ajiye min ƙurar da ya ciro a kan wata takarda don in gani, ta kai cikin tafin hannu, ya ce allon kuwa fes yake ba wanda ya taɓa kai masa wuta. Ya miƙo min faifan ya ce sa da kanka. Ina kai shi bakin ramin ya zuƙe shi daga hannuna.